Awa 22.5 a mako, hutuna na shekara awa nawa ne?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin lissafin ma'aikata a nan Ingila ku duba min wannan. Wurin aikin asibitin haƙori ne, cikakken lokaci a wurin awa 37.5 ne a mako, kwana biyar, kowace rana awa 7.5. Masu cikakken lokaci suna da hutun kwana 25 a shekara, ga kuma ranakun hutun banki, wato hutun gama-gari na ƙasa, guda 8 da ake rufe asibitin gaba ɗaya. Ni awa 22.5 nake yi: Litinin awa 10, Laraba 7.5, Juma'a 5. Shekarar hutunmu daga Janairu zuwa Disamba take. A takardata an rubuta `FTE 0.6`, an ce hutuna na 2026 awa 148.5 ne, amma da na buɗe manhajar neman hutu sai na ga awa 88.5 kaɗai zan iya nema. Abokiyar aikina ita ma awa 22.5 take yi, Talata, Laraba da Alhamis, amma ita 141 ta gani. Ina awa 60 ɗina suka shiga?

Malam Kabiru: Wa alaikumus salam Maman Hanif. Mu fara da 148.5 ɗin tukuna, mu tabbatar daidai ne, sannan mu bi sawun 60 ɗin.

Abin da aka rubuta miki `FTE 0.6` kasonki ne na cikakken lokaci. An raba awanninki da na mai cikakken lokaci, wato 22.5 a raba da 37.5, ya ba da 0.6. Daga nan sai a mayar da hutun mai cikakken lokaci zuwa awanni. Kwana 25 da kwana 8 sun zama 33, kowace rana awa 7.5, jimla awa 247.5. Sai a ɗauki kasonki a ciki:

```
22.5 / 37.5 = 0.6
33 x 7.5 = 247.5
247.5 x 0.6 = 148.5
```

To a nan ba su cuce ki ba. Akwai kuma hanyar gwaji wadda nake so kowa ya riƙe, don ita ce ke tona kusan kowane kuskure: ki mayar da amsar zuwa makonni. Mai cikakken lokaci yana da kwana 33, makonsa kwana biyar ne, ke nan hutunsa mako 6.6. Ke ma idan kika raba 148.5 da 22.5 za ki samu 6.6 cif. Ma'aikaci mai awanni kaɗan ba a rage masa yawan makonnin hutu, makon nasa ne yake gajere. Duk lissafin da aka yi miki wanda bai dawo da ke kan makonni daidai da na mai cikakken lokaci ba, akwai inda aka kauce.

Auwal: Malam, ai wannan duk tsawaitawa ne. Doka ta riga ta ba da kaso 12.07 cikin ɗari. Ta ninka awanninta na shekara da shi kawai. 22.5 sau 52 ya ba da 1,170, kaso 12.07 nasa awa 141 ne da 'yan mintuna. Kun ga shi ne ma abin da abokiyar aikinta ta gani. Ni a ganina 141 ɗin ne daidai, 148.5 ɗin ne kuskure.

Malam Kabiru: Auwal, dacewa ce kawai ta sa lambobin biyu suka yi kama, ba su da dangantaka. Kaso 12.07 gaskiya ne yana cikin doka, amma ba don irin Maman Hanif aka yi shi ba, kuma yadda ka yi amfani da shi ma akwai gyara.

Asalinsa shi ne mafi ƙarancin hutun da Dokar Lokutan Aiki ta 1998 ta tanada a yanzu, mako 5.6. Idan ka cire 5.6 daga mako 52 saura 46.4, su ne makonnin da mutum yake aiki a zahiri. Ka raba 5.6 da 46.4 ka samu kaso 12.07. Ke nan a kan awannin da aka yi aiki ake ɗora shi, ba a kan mako 52 duka ba. Da za ka yi mata shi yadda ya kamata, 22.5 sau 46.4 ne, awa 1,044, kuma kaso 12.07 nasa awa 126 ne. Wannan kuwa shi ne 5.6 sau 22.5. Da ka ninka da 52, ka ba ta hutu a kan makonnin da take hutu.

Sannan 126 ɗin nan ƙasan doka ne kawai, inda ba a yarda a gaza shi ba. Kwantiraginta ya ba da mako 6.6, ya fi na doka da mako guda. In aka bi 12.07 an cinye mata awa 22.5 ke nan.

Waɗanda dokar ta ware wa wannan hanya su ne masu awannin da ba su da tsayayyen adadi, da masu aiki wani sashe na shekara kawai, kuma daga shekarun hutun da suka fara ranar 1 ga Afrilu 2024 zuwa gaba. An kawo gyaran ne bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar Harpur Trust da Brazel, wadda malamar koyar da kiɗa ce da ke aiki lokacin zangon karatu kaɗai. Ita Maman Hanif awanninta a rubuce suke, mako bayan mako ba sa canzawa.

Auwal: Na karɓi gyara a kan 52 ɗin. Amma a wuraren kula da tsofaffi da yawa 12.07 ake yi wa kowa.

Hajiya Turai: Ana yi, ƙanina, saboda yawancinsu ƙasan dokar kawai suke bayarwa, kuma da yawa daga ma'aikatan nasu ba su da tsayayyun awanni. In mutum yana da tsayayyun awanni kuma hutun wurin mako 5.6 ne, amsoshin biyu kan zo kusan ɗaya, shi ya sa ba a lura. Matsala tana fitowa ne da zarar wurin ya ƙara ko da kwana ɗaya a kan na doka.

Malam Kabiru, ka koma kan awa 60 ɗin baiwar Allah, shi ne tambayarta.

Malam Kabiru: To Hajiya. Maman Hanif, ki ɗauko kalandar 2026 ki bi ranakun hutun banki na Ingila ɗaya bayan ɗaya. Ranar 1 ga Janairu Alhamis ce. Juma'ar Ista 3 ga Afrilu, Litinin ɗin Ista 6 ga Afrilu. A watan Mayu akwai 4 da 25, duka Litinin. Sai 31 ga Agusta, Litinin. Kirsimeti ta faɗo ranar Juma'a, washegarinta kuma Asabar ce, don haka aka mayar da wannan hutun zuwa Litinin 28 ga Disamba. Kin ga Litinin biyar, Juma'a biyu, Alhamis ɗaya.

Tunda an zuba hutun banki cikin jimlarki ta 148.5, duk ranar da aka rufe asibiti alhali ranar aikinki ce, sai a cire awannin da ya kamata ki yi a ranar daga asusunki. Litinin ɗinki awa 10 ce, sau biyar, awa 50. Juma'arki awa 5 ce, sau biyu, awa 10. Alhamis ba kya aiki, ba a cire komai. Ga awa 60 ɗinki nan. Manhajar ta cire su tun farkon shekara, ta bar miki 88.5.

Abokiyar aikinki kuwa, cikin ranakun nan takwas ɗaya ce kawai ta faɗo mata, Alhamis ɗin sabuwar shekara, awa 7.5. An cire daga 148.5, saura 141. Ku biyun awa 148.5 za ku huta a biya ku. Bambancin shi ne ita tana da ikon zaɓar ranakun kusan dukkan hutunta, ke kuma kalanda ta riga ta zaɓa miki awa 60.

Maman Hanif: Na gane lissafin yanzu, na gode Malam. Amma raina bai kwanta ba. Kasona na hutun banki ai awa 36 ne, kwana 8 sau 7.5 sau 0.6. Yaya za a ba ni 36 a cire min 60? Ke nan awa 24 an ɗebo su daga hutuna na kaina.

Malam Kabiru: Haka ne, kuma lissafinki daidai yake. Hutunki na kanki awa 112.5 ne, na banki 36. Ranakun banki sun ci 60, don haka suka shiga cikin naki da awa 24. Abin ya yi miki nauyi ne saboda dalili biyu da suka haɗu: yawancin hutun banki a Ingila Litinin yake faɗowa, guda huɗu ma kusan kowace shekara Litinin ne, sannan Litinin ita ce ranarki mafi tsawo.

Hajiya Turai: Ni a nan ina tare da Maman Hanif. A takarda adalci ne, amma a rayuwa ba ɗaya ba ne. Mu da ranakun Sallarmu ba sa cikin hutun banki, daga awannin da za mu iya zaɓa muke cire Ƙaramar Sallah da Babba, kuma sau da yawa sai mutum ya nemi kwana biyu a jere saboda ba a san ranar da wata zai tsaya ba. Wadda ke son zuwa gida ganin iyaye ma mako uku take buƙata a haɗe. Mako uku a wurinta awa 67.5 ne. A cire daga 88.5, saura awa 21 ga shekara gaba ɗaya, bai kai mako guda ba. Mai cikakken lokaci yana zaɓar mako biyar cif. Ita 88.5 a raba da 22.5 bai kai mako huɗu ba.

Abin da ake yi a wurare da yawa shi ne a roƙi manaja a musanya rana. Makon da Litinin ta zama hutun banki, ki yi awa 10 ɗin ranar Talata ko Alhamis, sai a mayar miki da su cikin asusun. Ba dole ne su yarda ba, amma in akwai aikin da za a ba ki ranar, ba su yi asarar komai ba. Ko Litinin biyu kawai aka musanya miki, awa 20 sun dawo. Ki nemi a rubuta yarjejeniyar ta imel, domin manhajar ba za ta mayar da awannin da kanta ba, sai wani ya shiga ya gyara da hannu.

Alhaji Tanko: Salamu alaikum. Ni abin da ban gane ba, wane irin hutu ne ake ƙirgawa da awa? Mu a nan Kano dokar ƙwadago ta ce wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi, kamfanoni kuma su ƙara nasu a kai. Kuɗin hutu ne take tambaya ko me? In kuɗi ne ai sai a ninka albashinta na rana da yawan kwanakin.

Hajiya Turai: Barka da warhaka Alhaji. Ba kuɗi take tambaya ba, lokacin hutun kansa ne. Dalilin ƙirgawa da awa shi ne ranakunta ba tsawonsu ɗaya ba. In aka ce tana da kwana 19.8, wace ranar ake nufi, ta awa 10 ko ta awa 5? Da za ta ɗauki duk hutunta a ranakun Litinin, ta huta awa kusan 200. Da za a tilasta mata ranakun Juma'a, bai kai awa 100 ba. Da awa kuwa babu gardama: ta ɗauki Litinin a cire 10, ta ɗauki Juma'a a cire 5. Wanda ranakunsa duk tsawonsu ɗaya, kwana ma ya ishe shi.

Alhaji Tanko: To, yanzu na fahimta. Allah Ya taimaka.

Malam Kabiru: Amin Alhaji. Tunda Hajiya ta ambaci kwana 19.8, bari in tsaya a kansa, domin a nan ne kuskure mafi muni yake faruwa, kuma ma'aikatan ofis masu kyakkyawar niyya ma suna faɗawa ciki.

Ku ɗauki wata mai awa 22.5 ita ma, amma tana zuwa kowace rana, Litinin zuwa Juma'a, awa 4.5 da safe. Kasonta 0.6 ne kamar na Maman Hanif. Sai mai lissafi ya ce 33 sau 0.6, kwana 19.8. Daga nan ya tambayi kansa, ranarta awa nawa ce? 4.5. Ya ninka, ya samu awa 89.1, ya rubuta mata. Ya rage mata hutu sau biyu ke nan, sau ɗaya a yawan kwanaki, sau ɗaya a tsawon rana. Kwana 19.8 ɗin nan kwanakin mai cikakken lokaci ne, na awa 7.5. Ita da ke zuwa kwana biyar a mako, kwana 33 nata suna nan cif, sai dai kowanne awa 4.5 ne, kuma 33 sau 4.5 ya dawo 148.5. Gwajin makonni zai kama wannan nan take: 89.1 a raba da 22.5 bai kai mako huɗu ba, ya faɗi ƙasa da 5.6 na doka ma, balle 6.6.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne haɗa ma'auni biyu. Wani wurin cikakken lokacinsa awa 40 ne, rana awa 8. Can kason mai awa 22.5 zai zama 0.5625, hutun kwana 33 kuma awa 264, in ka ninka sai ka sake samun 148.5. Ba abin mamaki ba ne, domin mako 6.6 sau 22.5 ne ko ta ina ka biyo. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka ɗauki kaso daga ma'auni ɗaya, tsawon rana daga wani. A raba da 40 sannan a ninka da 247.5, sai a samu awa 139 da ɗan ɗoriya, an tauye ma'aikaci fiye da awa tara. Yawanci hakan na faruwa ne a wuraren da ake cewa "awa 40 muke yi" alhali rabin awa na cin abinci a kowace rana ba a biyansa, ainihin awannin 37.5 ne.

Zainabu: Malam, wannan batun cin abinci ya shafi cirewa ma ko? Misali Litinin ɗin Anti Maman Hanif, in daga ƙarfe takwas na safe zuwa shida da rabi na yamma take, awa goma da rabi ke nan a agogo.

Malam Kabiru: Ya shafe shi sosai. Da awannin da ake biya aka gina asusun, da su kuma za a cire. In rabin awar cin abinci ba a biya, 10 za a cire, ba 10.5 ba. Maman Hanif, ki duba yadda aka shigar da jadawalinki a manhajar. In aka sa lokacin shiga da na fita ba tare da an cire hutun abincin ba, kowace Litinin za ki yi asarar rabin awa ba ki sani ba.

Hajiya Turai: A asibitocin gwamnati na NHS a Ingila ma haka tsarin yake, kuma misalin masu dogon duti yana nuna abin a fili. Sabon ma'aikaci yana da kwana 27 da na banki 8, jimla 35, wato mako bakwai, ko awa 262.5 ga mai awa 37.5. Bayan shekara biyar 27 ɗin ya koma 29, bayan shekara goma ya koma 33. Nas mai duti biyu a mako, kowanne awa 11.5 da ake biya, awa 23 take yi. Hutunta 7 sau 23, awa 161. Raba 161 da 11.5, duti 14 daidai, wato biyu a mako har mako bakwai. In ta ga an cire mata 7.5 a duti guda kada ta yi murna, ranar da aka gano za a bi ta bashi. In kuma 12.5 ake cirewa saboda an haɗa da hutun da ba a biya, ta yi magana da wuri.

Zainabu: Nawa kason ba ya fita sumul irin 0.6. Awa 16 cikin 37.5, hutun wurin kwana 33 ne shi ma. A takarda an sa 0.43. Da shi zan ninka?

Malam Kabiru: A'a Zainabu, kada ki ninka da lambar da aka riga aka datse. Ainihin kason 0.42666 ne har gaba. In kika yi da 0.43 za ki samu awa 106.4, in wani ya datse zuwa 0.42 sai ya ba ki 103.95, in ya yi gaggawa ya ce 0.4 ne sai ya ba ki 99. Amsar gaskiya 6.6 sau 16 ce, awa 105.6. A bar datsewa sai ƙarshe. A manhajar lissafi irin Excel, in awanninki suna A2, na cikakken lokaci B2, kwanakin hutu C2, tsawon rana D2:

```
=A2/B2*C2*D2
```

Ki kuma lura 105.6 ba awa 105 da minti 6 ba ne, awa 105 ne da minti 36, domin ɗigo shida na minti 60 ne. Haka 148.5 awa 148 ne da rabi, ba minti 50 ba. Game da cikewa, mai aiki yana iya cike miki zuwa 106 in ya so, amma hutun da doka ta wajabta ba a datse shi ƙasa. Naki tunda ya haura na doka, abin da kwantiragi ko ƙa'idar wurin ta ce shi za a bi, sai dai kada a yi miki abin da ya gaza na mai cikakken lokaci, domin akwai dokar shekarar 2000 da ta hana a fifita su a kan masu taƙaitattun awanni ba tare da hujja ba.

Auwal: Wani abu da na lura, masu shekarar hutu daga Afrilu zuwa Maris za su ga abin mamaki. Istar 2026 a Afrilu take, ta 2027 kuma a ƙarshen Maris, Juma'a 26 da Litinin 29. Ke nan shekarar hutu ta 2026 zuwa 2027 tana da hutun banki 10, mai bi mata kuma 6 kacal.

Malam Kabiru: Wannan ka kawo magana mai amfani, Auwal. A nan kalmomin kwantiragi ne ke yanke hukunci. In an rubuta kwana 33 har da hutun banki, jimlar ba ta motsi, mai kaso 0.6 yana nan a 148.5, sai dai abin da za a cire ne zai ƙaru bana ya ragu baɗi. In kuma an rubuta kwana 25 da ranakun hutun banki a kai, to kason banki zai zama awa 45 a shekarar farko, 27 a ta biyu. Waɗanda ya kamata su buɗe ido su ne masu kwana 20 da hutun banki a kai, domin a shekara mai 6 jimlarsu 26 ce, ta gaza kwana 28 na doka, dole a cike musu, su ma masu taƙaitattun awanni a cike musu gwargwadon kasonsu.

Maman Hanif: Tambaya ta ƙarshe don Allah. Ana maganar a ƙara min zuwa awa 30 daga 1 ga Satumba. Hutun zai koma na 0.8 gaba ɗaya ne?

Malam Kabiru: A'a, raba shekarar za a yi gida biyu. Wata takwas na farko a kan 0.6: 148.5 sau 8 a raba da 12, awa 99. Wata huɗu na ƙarshe a kan 0.8: cikakkiyar shekara a wannan kason awa 198 ce, kashi ɗaya cikin uku nata 66. Jimla awa 165. Wasu da kwanakin kalanda suke yi, 243 da 122 cikin 365, amsar ta bambanta da 'yan mintuna kawai. Daga 165 sai a cire duk abin da kika riga kika ɗauka, a kuma sake lissafa ranakun banki biyu na Disamba bisa sabon jadawalinki, tunda wataƙila Juma'arki ba za ta ci gaba da zama awa 5 ba. Kotun Tarayyar Turai ta bi wannan hanya ta raba lokaci a shari'ar Greenfield ta 2015, wadda daga Ingila ta taso: hutun da aka tara a kan tsoffin awanni ba dole a sake lissafa shi a kan sababbi ba.

Hajiya Turai: Amma Malam, ga inda gwajin makonnin naka yake tangarɗa. A ce ta tara awa 45 ba ta ɗauka ba kafin Satumba. A tsohon jadawali mako biyu ne cif. A sabon jadawali mako ɗaya da rabi ne. Awannin ba su ragu ba, amma hutun da jikinta zai samu ya ragu da rabin mako. Ni a ganina tunda doka da makonni ta yi magana, kamata ya yi a mayar mata da mako biyun zuwa awa 60.

Malam Kabiru: Na ji hujjarki Hajiya, amma ki juya ta. In daga 30 ta sauko zuwa 22.5 da ajiyar awa 60, za ki yarda a mayar mata da su 45 saboda mako biyu ne? Ta riga ta yi aikin da ya haifar da awa 60 ɗin. In muka ce awa ce ma'auni a saukowa, ita ce ma'auni a hawa.

Hajiya Turai: A saukowa ba zan yarda a rage ba, gaskiya ne. Amma ban ga dole sai ɓangarorin biyu sun zama ɗaya ba, tunda manufar hutu ita ce mutum ya huta, kuma akwai wuraren da suke ƙara wa ma'aikaci in awanninsa sun hau. Ban sauka daga ra'ayina ba.

Maman Hanif, ko wanne ne daidai a cikinmu, abin da ke hannunki shi ne ki ɗauki tafiyarki ta mako uku kafin Satumba, lokacin da za ta ci miki awa 67.5. Bayan an ƙara miki awanni, tafiyar nan awa 90 za ta ci. Kuma kafin ki sa hannu a sabon kwantiragi ki nemi su rubuto miki lissafin gida biyun, da abin da ya rage miki a ranar 31 ga Agusta bayan an cire Litinin ɗin hutun bankin ranar.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Gobe zan fara da duba yadda aka shigar da Litinin ɗina a manhajar, 10 ko 10.5, sannan in rubuta wa manaja batun musanya ranakun Mayu biyun.